Turmi takwas da layi biyu na farko: yadda sabbin ɗinkunanmu na atamfa ke tafiya

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Turmi takwas sun iso shago da hantsi. Zane huɗu ne, kowane zane turmi biyu: kore mai duhu da ganye ruwan ƙwai, ruwan goro mai ƙananan zobba, shuɗi mai manyan fulawa, sai ja mai ratsin baƙi. Lissafina shi ne turmi yadi shida, biyu yadi 12 ke nan, in na ba kowace doguwar riga yadi huɗu zan samu uku a kowane zane, ƙarama da matsakaiciya da babba. Riguna 12 a takarda.

Wannan karon na ƙudura cewa rubutun da zai raka hotunan rigunan a Instagram ba zan bar shi sai daren da za a ɗora ba. Wancan karon haka na yi, na rubuta "sabbin kaya sun sauka, a garzayo" na kwanta, na wayi gari da saƙonni fiye da yadda zan iya amsawa, kuma kusan duka tambaya iri ɗaya ce. Kwana uku ina kan waya keke yana hutawa. Don haka na ware shafi guda a littafin awo, duk abin da na gani a jikin atamfar nan wanda hoto ba zai faɗa wa mai kallo ba, zan rubuta shi a wurin tun yanzu.

Abu na farko da ya shiga shafin shi ne sunan kayan. Ƙanwata, wadda ita ce mai ɗaukar mana hoto, ta ce, "Yaya, ki sa Holan mana, wa zai ankara?" Na ce mata wadda za ta biya kuɗi ita za ta ankara. Holan ta gaske ta kamfanin Vlisco ce da ke garin Helmond a ƙasar Holan, suna wannan aiki tun 1846, kuma sunansu da lambar zane suna buge a gefen kowane turmi. Duk macen da ta san atamfa, gefen take fara dubawa kafin ta kalli fulawa. Tamu ba Holan ba ce, ba Kodebuwa ba ce. Auduga ce mai kyau, rininta ya ratsa gaba da baya, iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Laraba, 8 ga Oktoba

Gwaji. Daga kowane zane na yanki ɗan ƙyalle a bakin turmi, na jiƙa shi, na ɗora farin tsumma a kai, na danna dutsen guga mai zafi na ƙirga goma. Kore bai bar komai ba. Shuɗi da ruwan goro sun bar ɗan alamar da sai an kai fitila za a gani, wannan ragowar rini ne na sama, wanki ɗaya yake tafiya. Ja kuwa tsumman sai ya koma ruwan hoda. Na sa ƙyallen a ruwan sanyi na sauya ruwa sau huɗu, na huɗun ma bai fito fari ba. Atamfar da ke zuba haka ba ta tsayawa a kanta, za ta ɓata shafin da aka sa mata, ta ɓata abin da aka sa a ciki ranar da aka yi gumi, sannan a zo a ce telar ce. Na naɗe turmi biyun na ajiye gefe zan mayar. Riguna sun koma tara.

Sai gwajin tsukewa. Na auna yadi ɗaya cif, inci 36, na yi alama da zare a gefe biyu, na jiƙa turmin duka a ruwan sanyi ba sabulu, na shanya a inuwa, na goge. Tsakanin zaren biyu ya dawo inci 35. Inci ɗaya a yadi kamar ba komai ba ne, amma turmin da yake inci 216 ya koma 210, kuma da na ɗinka riga mai tsawon inci 58 ban jiƙa ba, wankin farko zai iya ɗage ta sama da inda mai ita ta saba. Faɗin ma ya ragu kaɗan, daga 46 zuwa 45 da rabi, in an cire farin gefe saura 45.

Nan ne muka ɗan yi gardama da babbar yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina. Ta ce, "Anti, in aka jiƙa ƙyallin nan zai tafi, za su ce ba sabuwa ba ce." Tana da gaskiya rabi. Wannan sheƙi da ƙarfin da sabuwar atamfa ke zuwa da su ba jikin yadin ba ne, abin da aka shafa mata ne a masana'anta, ruwan farko yake tafiya da yawancinsa. Mai saye tana son ta ji kaya yana ƙara in ta taɓa. Amma ni na fi so a yi mini ƙorafin sheƙi a shago da a dawo mini da riga ta ɗage bayan sati biyu. Za mu jiƙa duka, mu ba su sitaci kaɗan wurin guga, kuma mu faɗa a rubutun. Na ƙara layi a shafin: an jiƙa kafin a yanka.

Takardun da ake mannawa a jikin turmi kuwa, a cire su kafin ruwa ya taɓa su. Guga ake sawa ta bayan yadin har gam ɗin ya yi laushi, sai a ɗaga a hankali. In aka jiƙa da su, takardar ta tafi gam ya zauna, ya yi ta kwasar ƙura.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yanka, kuma yau ne aikin ya nuna mini iyakarsa.

Yawancin atamfa an zana ta ne don a ɗaura ta zani, wato gefe ɗaya a ƙugu, ɗaya gefen a idon sawu. Ganye da fulawa da tsuntsu duk a wannan tsayuwar suke tsaye. Saboda haka idan ina son zanen ya tsaya daidai a jikin riga, tsawon da nake da shi ba tsawon turmi ba ne, faɗinsa ne, inci 45. Babu doguwar rigar babbar mace da za ta fita a inci 45 daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ko dai a yanka ta bin tsawon turmi, ganyen ya kwanta a kaikaice, ko a raba rigar a ƙugu. Na zaɓi rabawa.

Ga yadda lissafin ya tafi. Daga kafaɗa zuwa ƙugu inci 16. Daga ƙugu zuwa ƙasa inci 42, a ƙara rabin inci na haɗi a sama da inci ɗaya da rabi na kalmasa, ya zama 44. A cikin 45 ya shiga, da rarar inci ɗaya tak. Rigar za ta ƙare a inci 58. Wadda ke son 59 zan iya matsa mata kalmasa, wadda ke son 61 kuwa sai dai a yi mata ƙari a ƙasa da wani yadi, abin da ni ba na so a atamfa mai zane. Wannan lamba, 58, dole ta fito a rubutun, domin a hoto duk riga daidai take da wadda ta sa ta.

Kowace riga tana da inci 140 a cikin yadin da ya tsuke. Ƙasan riga falle biyu, gaba 35 baya 35, inci 70 ke nan. Saman riga gaba da baya da hannuwa sun ci 54. Saura 16. Wannan 16 ɗin, faɗi 45, shi ne ɗankwali, kuma gaskiya ɗan siriri ne. Zai yi ɗaurin gaba mai sauƙi, ba zai yi ɗauri mai tudu ba. In na rubuta "har da ɗankwali" na yi shiru, za a buɗe leda a ga tsiri a ce na yi ƙwauro. Zan rubuta awonsa.

Riga ta uku a kowane zane ita ce mai wuyar sha'ani, don ita ba ta da turminta. Bayan an cire 140 daga kowane turmi saura 70 nan, 70 can, sai ƙasanta ya fito daga wannan turmin, samanta daga wancan. A ruwan goro ba matsala. A kore kuwa da na jera su a bakin ƙofa cikin hasken rana sai na ga ɗaya ya fi ɗaya duhu kaɗan. Zane ɗaya, lamba ɗaya, amma ba bugu ɗaya ba ne. A cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki ba a gani sam. Na daɗe ina kallonsu. A ƙarshe na sa mai duhun a ƙasa, na raba su da siririn bel na baƙin yadi mai faɗin inci ɗaya da rabi a ƙugu, ido ba ya haɗa launukan biyu kai tsaye in akwai abu a tsakaninsu. Duk da haka zan faɗa wa wadda za ta saya. Daga yau kuma ba na karɓar turmi biyu na zane ɗaya sai na buɗe su gefe da gefe a waje.

Talata, 14 ga Oktoba

Shuɗin ya ƙi lissafi. Fulawarsa babba ce, kamar faranti, kuma sai bayan inci 18 take maimaituwa. Riga mai irin wannan zane ba a yanka ta a inda almakashi ya faɗa. Fulawa ɗaya sai ta zauna a tsakiyar gaba, kada biyu su faɗo daidai kan ƙirji hagu da dama, wanda duk tela ta san irin kallon da hakan ke jawo wa mace. A baya kuma, inda zif ya raba, rabin fulawar hagu sai ya tarar da rabin ta dama. Don samun wannan ba na ninka yadi in yanka biyu lokaci guda. Nakan yanka ɓari ɗaya, in ninke inci ɗaya na zif in goge, in ɗora shi a kan sauran yadin in yi ta matsawa har zanen ya haɗu, in yi alama da alli, sannan in ƙara inci ɗaya na ɗaya ɓarin in yanka. Kowane matsi yana zubar da yadi, wani wuri inci tara, wani wuri ya kusa 18. Da na gama riga ta farko ta ci inci 170 maimakon 124.

Ba za a samu ta uku ba. Shuɗi riga biyu ne, matsakaiciya da babba, kowace da turminta, amma sun samu ɗankwali cikakke na yadi ɗaya. Jimla riguna takwas: kore uku, ruwan goro uku, shuɗi biyu. Daga 12 zuwa takwas cikin kwana tara, ban ma kunna keke ba.

Shuɗin zai fi sauran tsada tun da riga ɗaya ta cinye turmi guda. Idan ban faɗi dalili ba, za a ga riguna iri ɗaya farashi biyu a ɗauka son rai ne. Layi ɗaya ya isa ya bayyana.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ɗinki na tafiya, ba abin faɗa da yawa. Allura mai lamba 14, zif inci 22, shafin auduga a saman riga kawai don kada ta yi zafi, gam a wuya don ya tsaya. Na bar inci ɗaya a kowane ɗinkin gefe maimakon rabi, na kuma hana yaran su datse shi a injin wibin, su bi bakin kawai. Rigar da aka ɗinka ba tare da an auna mai ita ba, sai an bar mata wurin gyara. Ƙaramar yarinyar ta haɗa hannu ɗaya ganyen yana kallon ƙasa, ɗayan yana kallon sama. Ta farke da kanta, ban ce komai ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Shida sun gama, muka gwada hoto. Na farko da ƙanwata ta ɗauka da daddare a cikin shago, ruwan goro ya fito ja, kore ya fito kamar baƙi. Wayar ce take gyara haske da kanta, ƙwan lantarki kuma yana ƙara nasa launin. Da tsakar rana a waje sai sitacin ya riƙa walƙiya, zanen ya wanke. Abin da ya yi shi ne safe wajen ƙarfe takwas, a inuwar bango, rana ba ta taɓa rigar ba. Mun riƙe farar takarda kusa da rigar a hoton gwaji: in takardar ta fito fara a waya, launin rigar ya kusa gaskiya, in ta fito da ɗan ruwan ƙwai ko shuɗi-shuɗi, a sake wuri. Na hana a sa wa hoto kowace irin kwalliyar launi. Ko da haka, wayar kowa da yadda take nuna abu, shi ya sa sunan launi zai shiga rubutun da baki. Wadda ta karanta "ruwan goro" ba za ta zo neman ja ba ko da wayarta ta nuna mata ja.

Kowace riga hoto uku: gaba, baya don a ga haɗin zif, da na kusa inda ake ganin saƙar yadin da kalmasa.

Da yamma na yi ɗan gwaji. Na sa hoton kore ɗaya a WhatsApp Status, wanda dama awa 24 yake yi ya ɓace, da irin rubutun da na saba:

"Sabbin atamfofi masu zafi sun sauka! Kyau, inganci, rahusa. A turo saƙo don jin farashi."

Na sa ƙanwata ta ƙirga abin da ya biyo baya. Saƙo 17. Goma sha ɗaya "nawa?" ne kawai. Huɗu sun tambayi ko akwai girmansu, biyu sun tambayi ɗankwali. Cikin sha ɗayan nan, da na faɗi farashi, takwas ba su sake magana ba. Ba laifinsu ba ne, ni na sa su tambaya. Kuma ina zargin akwai waɗanda ke da kuɗin a hannu amma ba su turo ba, don mace da yawa tana jin nauyin ta tambayi farashi sannan ta janye. Kalmomin nan uku kuma, kyau da inganci da rahusa, na sake karanta su na ga babu wanda ya faɗi wani abu game da rigar nan. Mai sayar da takalmi ma zai iya sa su.

Laraba, 22 ga Oktoba

Duka takwas sun gama, an goge, an rataye. Yau rubutu kawai na zauna yi, kuma ya ɗauke ni lokaci fiye da haɗa zif ɗin shuɗi.

Instagram yana barin mutum ya rubuta har harafi 2,200 a ƙarƙashin hoto, amma abin da mai wucewa ke gani layi biyu ne na farko, sauran a ɓoye suke sai ta danna. Don haka tambayar ita ce me zai zauna a layi biyun nan. Na fara da sallama da godiya ga mabiya kamar yadda na saba, sai na ga gaisuwar kaɗai ta cinye wurin, mai kallo ba ta san ko rigar ta sayarwa ba ce ko ta wata ce aka ɗinka mata. Wannan bambanci babba ne a sana'armu, don yawancin abin da tela ke ɗorawa kayan mutane ne da aka riga aka karɓa, mabiya sun saba su yaba su wuce. Sai na mayar da gaisuwa ƙasa. Ba rashin ladabi ba ne, tana nan, wuri kawai ta sauya. Layin farko ya faɗi abu uku: mene ne, guda nawa ne, kuma a ɗinke suke.

Girma kuma na ƙi rubuta shi da haruffan nan da ake gani a wuyan kayan kanti, don matsakaiciyar wani kamfani babbar wani ce. Inci kowa ta san shi, wadda ba ta san nata ba tana da tela ko tsohuwar rigar da za ta auna.

Kan suna, atamfa na rubuta a jikin maganar tun da da Hausa nake yi. Ankara na bar ta a alamun nema a can ƙasa, saboda masu neman irin kayan daga wasu wurare da wannan sunan suke nema. Ƙanwata ta nuna mini cewa in aka sa #ankara ita kaɗai, hotunan babban birnin Turkiyya ne ke cika wurin, sai muka sa #ankarastyles da #atamfa.

Ga abin da na tsayar:

"Dogayen rigunan atamfa guda 8, a ɗinke, kowace ɗaya tak ce a girmanta.
Kore mai duhu, ruwan goro, da shuɗi mai manyan fulawa.

Tsawo: inci 58 daga kafaɗa. Ana iya ragewa, ƙari kuwa inci ɗaya ne iyaka.
Ƙirji: 38, 42, 46. Ƙugu: 32, 36, 40. Shuɗi babu ƙarama.
Auduga ce, mun jiƙa ta kafin yanka, ba za ta ɗage ba. Shafi a sama kawai, zif a baya.
Ɗankwalin kore da ruwan goro siriri ne, inci 16 a 45. Na shuɗi yadi ɗaya ne.
Shuɗi ya fi tsada don kowace riga turmi guda ta ci wajen haɗa fulawa.
Babbar kore, ƙasanta ya ɗan fi samanta duhu, a duba hoto na 7.
Wanki: ruwan sanyi, a juya ciki waje, a shanya a inuwa.
Farashi da lambar kowace riga suna hoton ƙarshe. A turo lambar riga da awon ƙirji.

Muna gaishe ku, mun gode da kasancewa tare da mu."

Farashin na sa shi a hoto ne da lambobi 1 zuwa 8, saboda mutane suna ɗaukar hoto su tura wa 'yan'uwa ba tare da rubutun ba, sai a zo ana ce mini "wannan mai fulawar" ban san wacce ba. Babbar yarinyar ta karanta ta ce, "Anti, kin tona asirin koren, wa zai saye ta yanzu?" Na ce mu gani.

Juma'a, 24 ga Oktoba

An ɗora jiya bayan isha'i. Zuwa yanzu saƙo tara, babu "nawa?" ko ɗaya. Biyar sun zo da lambar riga da awo kamar yadda na roƙa. An kama huɗu: shuɗi biyun, matsakaiciyar ruwan goro, da babbar kore. Wadda ta ɗauki koren ta ce ta duba hoto na 7 sau uku ba ta ga bambancin ba, da ban faɗa ba ma shi ke nan. Wata doguwa ta tambaya ko 58 zai kai mata, na ce ta auna daga kafaɗa zuwa inda take son riga ta tsaya. Ta dawo da 61, muka rabu lafiya kafin kuɗi ya shiga tsakani, za ta kawo nata yadin.

Duk wadda aka kama nakan koma cikin rubutun in ƙara "an saya" a gaban lambarta, ba na goge hoton.

Litinin, 27 ga Oktoba

An dawo da matsakaiciyar ruwan goro, kuma laifin rubutuna ne.

Hajiyar ta shigo da rigar a leda ta ce, "'Yar nan, kin ce 42, ni ma 42 ce, amma numfashi ya gagare ni." Na ɗauko tef na auna ta, 42 cif. Na auna rigar, 42 cif. Nan na gane abin da na yi. Lambobin da na rubuta awon rigar ne, ba awon jiki ba. Atamfa ba ta miƙewa, dole riga ta fi jiki da inci biyu a ƙirji kafin a iya ɗaga hannu a zauna, don haka rigar da ta auna 42 ta mai ƙirji 40 ce. Ni a kaina wannan a fili yake tun da ni na yanka. Ita kuwa ta karanta abin da ke rubuce, ta turo 42, ni kuma na ga lambar ta yi daidai da ta littafina na ce to. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kuskurena ne, ki zauna a kawo miki ruwa."

Incin nan ɗaya da na bari a gefe shi ya fitar da ni. Na farke ɗinkin gefe daga hammata zuwa ƙugu, na mayar da shi waje da rabin inci. Kowane gefe yana da falle biyu, na gaba da na baya, rabi da rabi inci ɗaya ke nan, gefe biyu inci biyu. Rigar ta koma 44. Sai da na saki ƙarƙashin hannu da rabin incin shi ma, na karkato da shi ya mutu a gwiwar hannu, in ba haka ba ramin hammata zai fi hannun faɗi ya tattare. Shafi ma haka, haɗin ƙugu ma sai da na buɗe inci uku kowane gefe don ƙasan ya bi. Ramukan tsohon ɗinki na fesa musu ruwa na bi da guga suka rufe. Minti 40. Ta sa, ta ɗaga hannu biyu sama, ta zauna a kujera ta tashi, ta tafi da abarta.

Kafin ta kai bakin titi na gyara layin:

"Ta mai ƙirji 36, 40, 44 da ƙugu 30, 34, 38 (awon jiki). Rigar ta fi haka da inci 2, kuma akwai inci 2 na saki a ciki."

Na bi sauran ukun da suka saya ɗaya bayan ɗaya na tambaye su wane awo suka turo. Biyu sun gwada sun ce daidai. Mai babbar shuɗi ba ta karɓa ba tukuna, na ce kada a aika mata, ta zo gobe in auna ta da kaina.

Saura huɗu a rataye: ƙarama da matsakaiciyar kore, ƙarama da babbar ruwan goro. Ƙananan biyu ko tambayarsu ba a yi ba, abin da zan tuna in na zo raba yadi a karo na gaba. An kuma karɓi jan da na mayar, an ba ni turmi biyu ruwan ƙasa mai ƙananan ɗigo a madadinsa. Na buɗe su a bakin ƙofa, launi ɗaya ne. Ƙyallen gwajinsu yana cikin ruwa yanzu, gobe da safe zan duba.